Abin da Ya Sa Zafi Ke Bin Hanya Ɗaya

Rumbun zafi abu ne mai girman da ko ya ba da zafi ko ya karɓa, awon zafinsa ba ya motsawa. Idan zafi Q ya shiga rumbu mai awon T, entirofinsa kan ƙaru da Q/T, in kuma fita ya yi, ya ragu da hakan. Dole a auna T da kelbin, domin awon Salsiyas ɓata lissafin yake yi.

A ce jul 600 sun bar rumbu mai kelbin 400 zuwa mai kelbin 300. Mai zafin ya rasa 600/400, wato 1.5 J/K. Mai sanyin ya samu 600/300, wato 2 J/K. Jimilla an ƙaru da 0.5 J/K, saboda an raba zafi iri ɗaya da ƙaramin adadi a ɓangaren sanyi.

Da zafin zai koma baya da kansa, da jimillar ta ragu da 0.5 J/K, abin da doka ta biyu ta kimiyyar zafi ta hana. Firji kan kwashe zafi daga wuri mai sanyi, amma sai da wutar lantarki, kuma zafin da yake fitarwa ta bayansa ya fi wanda ya kwaso, don haka jimillar entirofi ba ta raguwa.