Ƙafar da ba ta jin zafi

Wani ɗan kasuwa, mai shekara hamsin da 'yan kai, ya sayi sabon takalmi sau-ciki don sallah. Ya wuni da shi, ya taka idi da ƙafa, ya zaga gidajen 'yan uwa. Sai bayan kwana huɗu mai ɗakinsa ta ga tabo a safarsa. Bororo ne ya fashe a ƙarƙashin babban yatsa, shi kuwa ko ƙaiƙayi bai ji ba. Da ya ga ba ciwo, sai ya barbaɗa garin kafso ya koma shago. Kafin mako uku ƙafa ta kumbura ta soma wari, maƙwabta har sun fara cewa sammu ya taka.

Ciwon suga ne da ya daɗe a jikinsa. Suga idan ya yi shekaru yana hawa, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Yakan kuma ƙuntata hanyoyin jini, ya rage wa jiki ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ƙaramin rauni ke zama gyambo. A asibiti akan gwada tafin ƙafa da wani siririn zare na roba. Wanda bai ji taɓawar ba, ƙafarsa tana cikin haɗari ko da fes take a ido. Irin wannan mutum garwashin kasko kan ƙona shi da hunturu bai sani ba, haka dandaryar masallaci da azahar, haka rezar mai yankan farce.

Abin takaici, fata takan yi gargaɗi tun da wuri. Baƙin da ke fitowa a bayan wuya ko hammata, mai kauri da laushi kamar karan-miski, da yawa suna ɗaukarsa dauɗa, a yi ta dirza da soso ko a shafa man bilicin. Ba ya fita, domin sau da yawa alama ce ta jiki ya soma ƙin jin insulin, musamman ga mai ƙiba. Haka jan kurji mai ƙaiƙayi a matsematsi, ƙarƙashin nono ko tsakanin yatsun ƙafa, wanda ke dawowa duk bayan an sha magani: gumi da suga ne ke ciyar da shi. Wanda ya ga haka ya gwada jini da safe kafin karin kumallo. Idan aka samu 126 ko sama, wato 7.0 a wasu na'urorin, har sau biyu, ciwon ya tabbata.

Mai suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, da madubi in ya kama, ya zazzage takalmi kafin ya sa. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsu. Man kaɗanya a shafa a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu. In kuwa ka ga rauni, komai ƙanƙantarsa, kada ka jira ya yi zafi, ka kai shi asibiti a ranar.