Yadda Ake Mayar da "Ina Jin Kaɗaici" Ya Zama Abin da Ido Ke Gani

Sau da yawa sabon marubucin waƙa ko gajeren labari yakan rubuta "ina jin kaɗaici" ko "kewa ta dame ni", sannan ya yi mamakin yadda mai karatu ya wuce layin ko a jikinsa. Dalili shi ne irin wannan jimla sunan abin da ake ji kawai take faɗa. Amarya a daren farko za ta iya furta ta, haka ɗalibin kwana, haka tsohon da sa'o'insa suka ƙare, alhali kaɗaicin kowannensu daban yake. Hausawa sun daɗe da sanin maganin wannan, domin karin magana ba ta tsayawa ga cewa haƙuri na da amfani, sai ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

Gyaran yana farawa da tambayoyi uku: wane ne mai maganar, a wane lokaci na yini abin ya fi cizonsa, kuma me hannunsa yake yi a lokacin. A ɗauki misalin matar da mijinta ya tafi cin-rani Legas bayan an gama girbi, ba zai dawo ba sai gab da damina. Da rana tana da surfe da wanki da maƙwabta masu shigowa, don haka ba a nan matsalar take ba. Lokacin da ya fi mata nauyi shi ne bayan magariba, sa'ad da ake kwashe tuwo a kai wa maigida nasa.

Daga nan sai a nemi abu guda a wurin wanda aka saba auna shi don mutum biyu. Rubutun farko zai iya zama: "Ina dafa tuwo ni kaɗai cikin baƙin ciki." An samu ci gaba, tunda ga murhu ga tukunya, amma har yanzu "ni kaɗai" da "baƙin ciki" ne ke ɗauke da nauyin jimlar. Idan aka cire su, aka bar aikin hannu ya yi bayani, sai a samu: "Yau ma malmala biyu na kwasa, na zuba miya a kwanonsa, sannan na tuna." Babu kalmar kaɗaici a ciki, amma mai karatu ya fahimci cewa akwai wanda ba ya nan, kuma kalmomin "yau ma" sun nuna ba wannan ne karon farko ba. Hannu bai daina auna na mutum biyu ba, kuma a nan ciwon yake.

Akwai gwaji biyu da marubuci zai yi wa sabon layin. Na farko, shin mai ɗaukar hoto ko mai naɗar sauti zai iya kama abin da aka faɗa? Zai iya ɗaukar malmala da kwano, amma ba zai iya ɗaukar "ƙuncin zuciya" ba. Na biyu, shin layin zai dace da bakin kowa? Idan ɗalibin kwana zai iya faɗarsa ba tare da an sauya komai ba, to bai zama na wannan matar ba tukuna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne aron hoton da ya tsufa, kamar hawaye na kwarara tamkar kogi ko zuciya na ci da wuta. Waɗannan kamantawa ce da kunne ya saba da ita har ya daina jin ta. Wani kuskuren shi ne tara kaya: kwano, buta, takalmi, rediyo da darduma duk a baiti ɗaya, har idon mai karatu ya rasa inda zai tsaya. Na uku shi ne ƙara fassara bayan hoton, a ce "wannan ya nuna irin kewar da nake yi", wanda tamkar raina fahimtar mai karatu ne.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Hoton ya dogara ne ga abin da mai karatu ya sani. Wanda bai san cewa a gidaje da yawa maigida na da kwanonsa na musamman ba, rabin ma'anar zai samu. A rubutacciyar waƙa kuma, kari da amsa-amo kan tilasta a sauya kalma, don haka ya fi kyau a fara samo hoton a zube, sannan a nema masa ma'auni. Ita ma kalmar "kaɗaici" ba a haramta ta ba. Tana iya zama take ko amshi, muddin baitocin da ke kewaye da ita sun riga sun nuna wa mai karatu kwanon da aka zuba wa miya, babu mai ci.