Mai Raba Lodi da Sabar da Ta Suma

Idan ka buɗe shafin intanet mai yawan jama'a, ba kwamfuta ɗaya ke amsa maka ba. A bakin ƙofa akwai manhajar da ake kira mai raba lodi, irin su HAProxy da NGINX, ita ke karɓar buƙatarka ta miƙa wa ɗaya daga cikin sabobin da ke bayanta.

A ce sabobi uku ne. Hanya mafi sauƙi ita ce bi da bi: ta farko, ta biyu, ta uku, a sake zagayowa. To idan ta biyu ta suma fa? Duk mutum na uku zai ci karo da shafin da ya ƙi buɗewa.

Shi ya sa mai rabon ke yi musu gwajin lafiya. A HAProxy, idan ba a sauya saiti ba, duk daƙiƙa 2 yakan ƙwanƙwasa wa kowace saba. Ta kasa amsawa sau 3 a jere, a cire ta daga layi; ta amsa sau 2, a mayar da ita.

Sai dai saba na iya amsa sallama alhali ta yanke da rumbun bayananta. Gwajin kirki shi ne a nemi wani shafi na musamman, kamar `/health`, a ga lambar 200 ta dawo. Wanda ya tsaya ga sallama kawai, zai ci gaba da tura jama'a inda ba za a biya musu buƙata ba.