Mutanen da Suka Ɓace a Cikin Lissafi: Tarkon NULL a Harshen SQL

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoma ta raba wa 'ya'yanta takin zamani bashi da damina, a kan za a biya bayan kaka. Mutum 200 ne suka karɓa. Sakataren ƙungiyar ya bar amfani da littafi, yanzu komai yana cikin kwamfuta, a wani jadawali mai suna `bashi`. Kowane manomi yana da layinsa, kuma a kowane layi akwai gurbin `lamba` da gurbin `saura`, wato kuɗin da ya rage a kansa. Da kaka ta wuce, shugaba ya ce a fito masa da sunayen waɗanda ake bi. Sakatare ya rubuta umarni da SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi:

```sql
SELECT lamba FROM bashi WHERE saura > 0;
```

Mutum 65 suka fito. Sai ya nemi waɗanda suka gama biya, ya canza sharaɗin zuwa `saura <= 0`, aka ba shi mutum 120. Kowa ya san kuɗi ko dai ya haura sifili ko bai haura ba, babu hanya ta uku. To amma 65 da 120 sun tashi 185 ne. Ina mutum 15? Ba sa cikin masu bashi, ba sa cikin waɗanda suka biya, kuma kwamfuta ba ta yi ko tari ba. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Ta kawo amsa tsaf kamar komai lafiya.

Waɗannan mutum 15 su ne waɗanda aka bar gurbin `saura` ɗinsu ba a cike ba. Wataƙila wakilin ƙauyensu bai kawo rasit ba tukuna, ko mai shigar da bayanai ya tsallake. A irin wannan gurbi rumbun bayanai yana ajiye wata alama da ake kira `NULL`. Mutane da yawa suna ɗaukarta a matsayin sifili, kuma daga nan kuskuren yake farawa. Sifili amsa ce: an duba, ba a bin mutumin ko kwabo. Ita kuwa `NULL` cewa take yi babu amsa a nan. Mai yiwuwa ana binsa dubu hamsin, mai yiwuwa ya biya tun tuni.

Ka kawo ƙwarya biyu a rufe da faifai, ka tambayi mutum ko abin da ke cikin ta farko ya fi mudu ɗaya. In mai gaskiya ne zai ce bai sani ba. Ka ce to bai kai mudu ba ke nan? Nan ma bai sani ba. Ka tambaye shi ko abin da ke cikin ƙoran biyu daidai yake da juna, amsar ba za ta canza ba, don kasancewarsu duka a rufe ba ta nuna abu ɗaya ne a ciki ba. Haka SQL yake tunani. A wurinsa kowace tambayar kwatance tana iya samun ɗaya daga amsoshi uku: `TRUE` wato gaskiya ne, `FALSE` wato ba haka ba ne, da `UNKNOWN` wato ba a sani ba. Duk lokacin da aka kwatanta wani abu da `NULL` ta hanyar `=` ko `<>` ko `>` ko `<`, amsa ta ukun ce take fitowa. Hatta `NULL = NULL` ba gaskiya ba ne a wurinsa, ba a sani ba ne.

Wannan tsari ba kuskuren wani kamfani ba ne. Ya samo tushe daga aikin Edgar F. Codd, masanin kamfanin IBM da ya shimfiɗa tsarin ajiye bayanai a jadawali a shekarar 1970, kuma ya yi bayanin yadda za a bi da bayanan da suka ɓace a wata maƙala ta 1979. Da aka tsayar da ƙa'idar SQL ta farko a 1986, alamar ta shiga ciki. Shi ya sa za ka tarar da wannan hali a PostgreSQL da MySQL da Oracle da SQLite da SQL Server baki ɗaya.

Abin da ke sa layuka su zube shiru kuwa shi ne ɗabi'ar `WHERE`. Kamar mai gadi yake a bakin ƙofa, kuma umarnin da aka ba shi guda ɗaya ne: wanda amsarsa ta zama `TRUE` shi kaɗai zai wuce. Mai `FALSE` a mayar da shi, mai `UNKNOWN` ma a mayar da shi, ba tare da an bambanta su ba. Manoman nan 15 sun zo ƙofar farko an tambaya ko bashinsu ya haura sifili, ba a sani ba, aka mayar da su. Sun zo ta biyu, nan ma haka. Ko da sakatare zai juya tambayar ya rubuta `NOT (saura > 0)`, ba zai kamo su ba, domin kishiyar abin da ba a sani ba ita ma ba a san ta ba.

Da sakatare ya gane akwai guraben da ba a cike ba, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya rubuta `WHERE saura = NULL`. Kusan duk mai koyo ya taɓa rubuta wannan. Umarnin zai tafi lami lafiya ya dawo da layi sifili, sai mutum ya saki jiki ya ce ashe babu gurbin da aka bari. Alhali tambayar ce ba ta iya samun amsar `TRUE` a kan kowane layi a duniya. Saboda haka ne aka tanadi gwaji na musamman:

```sql
SELECT lamba FROM bashi WHERE saura IS NULL;
```

Bambancin yana cikin abin da ake tambaya. Alamar `=` tana tambayar abin da ke cikin ƙwarya. `IS NULL` kuwa tana tambaya ne ko ƙwaryar a rufe take, kuma wannan abu ne da ido yake gani, amsarsa e ko a'a ce kullum. Da wannan umarni mutum 15 ɗin za su bayyana. In shugaba yana son jerin duk wanda ya kamata a bibiya, sai a haɗa sharuɗɗan biyu: `saura > 0 OR saura IS NULL`, a samu mutum 80.

Akwai wani wuri da abin ya fi wannan muni, kuma a ganina shi ne ya fi cancanta a tsaya a kai, don a nan ba wasu layuka ne suke zubewa ba, dukansu ne. A ce ƙungiyar tana da jadawali na biyu mai suna `rasit`, inda ake shigar da duk kuɗin da aka kawo tare da lambar wanda ya biya. Ana son a san waɗanda ba su taɓa kawo ko sisi ba:

```sql
SELECT lamba FROM bashi
WHERE lamba NOT IN (SELECT lamba FROM rasit);
```

Wata da watanni wannan umarni yana aiki daidai. Ran nan wani ya aiko ɗansa da kuɗi, yaron bai san lambar babansa ba, ma'aji ya karɓa ya shigar da rasit ya bar gurbin lamba a buɗe da niyyar cikewa daga baya. Daga wannan rana umarnin zai riƙa dawowa babu kowa a ciki, kamar kowa ya biya. Dalilin shi ne yadda ake warware `NOT IN`. In jerin rasit ya ƙunshi 3 da 7 da `NULL`, to don manomi mai lamba 12 ya fito, dole a tabbatar 12 ba 3 ba ce, kuma ba 7 ba ce, kuma ba wancan abin da ba a sani ba ce. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun ba mai iya tabbatarwa, don mai yiwuwa rasit ɗin nan marar lamba nasa ne. Tunda ana bukatar sharuɗɗan duka su tabbata, amsar ta zama `UNKNOWN`, mai gadi ya mayar da shi. Haka za a yi wa kowane manomi, ɗaya bayan ɗaya. Idan ka duba da kyau kwamfutar ba ta yi ƙarya ba, ta ƙi ɗora wa mutum bashi ne a kan zato. Laifin da nake gani shi ne yin shirun, domin jerin da babu kowa a ciki ya yi kama da labari mai daɗi, kuma ba kasafai ake bincikar labari mai daɗi ba.

Maganin wannan iri biyu ne. Ko dai a tace jerin na ciki da `WHERE lamba IS NOT NULL`, ko a sake gina tambayar da `NOT EXISTS`, wanda amsarsa e ko a'a ce kawai:

```sql
SELECT lamba FROM bashi b
WHERE NOT EXISTS
  (SELECT 1 FROM rasit r WHERE r.lamba = b.lamba);
```

Ta yaya mutum zai gane tarkon ya kama shi tun kafin takarda ta isa hannun shugaba? Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ta tona asirin tun farko: a ƙirga, a haɗa, a ga ko ya cika. `COUNT(*)` yana ƙirga layuka duka, amma `COUNT(saura)` yana tsallake waɗanda gurbinsu `NULL` ne. A misalinmu na farko zai ba da 200, na biyu 185, kuma ratar da ke tsakani ita ce yawan guraben da ba a cike ba. `AVG(saura)` ma haka yake yi, zai raba jimla da 185 ne, don haka matsakaicin bashin da zai bayar na waɗanda aka san nasu ne kaɗai.

Akwai wata gajeriyar hanya da nake jan kunne a kanta. Umarnin `COALESCE(saura, 0)` yana maye gurbin kowane `NULL` da sifili, lissafi ya cika 200 cif, kowa ya ji daɗi. Amma abin da aka yi a zahiri shi ne an yafe wa mutum 15 bashin da ba a bincika ba. Akwai inda sifili ya dace, kamar gurbin rangwame inda rashin rubuta komai yake nufin ba a yi rangwame ba. A kan bashi dai, wannan hukunci na shugabannin ƙungiya ne, bai kamata mai rubuta umarni ya yanke shi shi kaɗai ba.

Idan ana bukatar kwatanta gurabe biyu da kowannensu zai iya zama a buɗe, ƙa'idar SQL ta tanadi `IS DISTINCT FROM` da `IS NOT DISTINCT FROM`, waɗanda suke ɗaukar `NULL` biyu a matsayin abu ɗaya. PostgreSQL ya daɗe da su, SQL Server ya samu su a fitowar 2022, MySQL kuma yana da tasa alamar `<=>` mai yin aikin na biyun. Masu aiki da Oracle suna da ƙarin abin lura, don a can rubutun da babu ko harafi ɗaya a cikinsa ana ɗaukarsa `NULL` ne, saɓanin sauran.

Ga jadawalin `rasit` kuwa, gyaran da ya fi ɗorewa tun wajen gina shi ake yi. In aka sa wa gurbin lamba sharaɗin `NOT NULL`, ranar da yaron nan ya zo da kuɗi kwamfuta za ta ƙi karɓar rasit ɗin nan take, ma'aji ya ɗaga waya ya kira uban yaron ya tambayi lambarsa kafin ya shigar.