Tafiyar Ba-zata Don Cikar Shekarar Aure: Me Za Ka Ɓoye Wa Uwargida?

Yau maganar maigidan da ke son shirya wa matarsa tafiyar ba-zata za mu yi, musamman 'yan'uwanmu na Batsari da Safana.

Abu na farko, a yankinmu ba a ɓoye tafiya kanta. Wanda ke zaune kusa da dajin Rugu ya san in mutum ya yi awa uku ba a ji ɗuriyarsa ba, hankalin gida ya tashi. Don haka dalilin tafiyar kawai za ka ɓoye. Ka ce mata, "Hajiya, shirya, ran Asabar za ki raka ni Katsina," ka ga ba ka yi ƙarya ba. Sannan mutum ɗaya ya san komai, wato hanya da masauki da ranar dawowa. Ni dai yayarta zan zaɓa, don ita za ta riƙe yara, ta kuma san abin da ƙanwarta ke so. Ku fita bayan gari ya waye sosai, kuma sai ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya a safiyar. In ɗan Safana ne kai, ta Dutsin-Ma za ka bi. Kada Magariba ta same ku a hanya.

To, ina za ku? Nan maza ke kuskure, sai su zaɓi abin da su ke so. A ce matarka malamar Islamiyya ce mai son tarihi. Ranar farko ku ga Hasumiyar Gobarau, ku shiga gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu. Washegari sai Daura, tafiyar kilomita tamanin haka, ta ga rijiyar Kusugu da idonta. Amma fa in ita burinta ta huta da girki ne, ta zaɓi atamfa da hannunta, to kar ka ja ta yawon rana. Kasuwa, abinci mai daɗi, barci, shi ke nan. Yadda za ka gane, ka yi wata guda kana sauraron abin da take cewa "Allah Ya kai ni."

Asirin kuma ta waya ya fi tonuwa. Ka biya masauki, saƙon banki ya shigo, ga wayar a hannunta. In ta gan ka kana ƙus-ƙus kana ɓoye waya, wallahi kishiya za ta kawo a ranta, kuma da zarar ka ga ta daina fara'a, gara ka faɗa mata rabin zancen.

Mai mata biyu kuwa, ya daidaita tafiyar da ranakun girkinta, ya sanar da abokiyar zamanta kafin su fita, ya kuma fara tara kuɗin tata tafiyar.