Matsakaici mai tafiya

A lakwal, ƙarshen kowane sati ana yin ɗan gwaji. Mushe yana rubuta tambayoyi a kan babban allo, yara suna amsawa cikin kaye. Daga baya ya duba, ya ba kowa makinsa bisa 10. Wanda ya samu 8 yana komawa gida da murna. Wanda ya samu 3 yana tafiya kansa a sunkuye.

Amma makin sati ɗaya ba ya faɗin gaskiya duka. Yaro yana iya sanin darasi, ya zo ranar gwaji da ciwon kai. Wani kuma bai yi karatu sosai ba, sai tambayoyin su faɗo daidai kan ɗan abin da ya sani. Shi ya sa maki yake hawa yana sauka. Manoman Tasawa da na Mayahi sun san irin wannan. Ba sa cewa damina ta yi kyau don an yi ruwa mai ƙarfi rana ɗaya. Sai sun duba yadda ruwan ya sauka sati bayan sati.

To, ta yaya za a gane yaron da yake ci gaba da wanda makinsa yake tsalle kawai? Akwai lissafin da ke nuna haka. Sunansa matsakaici mai tafiya.

A ɗauka akwai wata yarinya a wata lakwal ta Tasawa. An shiga aji a watan Oktoba, an yi gwajin lissafi sati goma a jere. Ga makin da ta samu, daga sati na 1 zuwa na 10:

3, 6, 2, 5, 4, 7, 3, 6, 6, 8

Wanda ya kalli waɗannan lambobi ba zai san abin da zai ce ba. Yau sama, gobe ƙasa. A sati na 6 ta samu 7, aka yaba mata. A sati na 7 ta faɗo zuwa 3, aka ce ta koma baya.

Kowane ɗan lakwal ya san yadda ake neman matsakaici: a tara lambobi, a raba da yawansu. A nan ba za a tara goman duka ba. Za a ɗauki sati huɗu na farko kawai, wato kamar wata ɗaya.

3 + 6 + 2 + 5 = 16
16 ÷ 4 = 4

Matsakaicinta na farko 4 ne. Sai a rubuta shi a ƙarƙashin sati na 4, domin a nan huɗun suka cika.

Da sati na 5 ya zo, sai a matsa gaba da taki ɗaya. A saki maki mafi tsufa, wato 3 na sati na 1, a ɗauki sabon, wato 4. Har yanzu lambobi huɗu ne a hannu.

6 + 2 + 5 + 4 = 17
17 ÷ 4 = 4,25

Wannan matsawa ita ce tafiyar da ke cikin sunan. Kowane sati ɗaya yana fita ta baya, ɗaya yana shiga ta gaba. Akwai ma gajerar hanya. Ba sai an sake tara huɗun ba: a ɗebe wanda ya fita daga tsohuwar jimla, a ƙara wanda ya shigo. 16 a ɗebe 3 saura 13, a ƙara 4 ya zama 17.

In aka ci gaba haka har sati na 10, jimlolin su ne 16, 17, 18, 19, 20, 22 da 23. In aka raba kowace da 4, ga abin da ake samu:

4, 4,25, 4,5, 4,75, 5, 5,5, 5,75

Yanzu abin ya fito fili. Lambobin nan ba sa tsalle. Suna hawa sannu a hankali, daga 4 har kusan 6. Yarinyar ta fara ƙasa da rabin maki, ta kai rabi a sati na 8, sannan ta wuce shi.

A sake duba sati na 7, wanda aka yi mata faɗa a kansa. Ta samu 3, amma matsakaicinta ya hau daga 4,5 zuwa 4,75. Yaya aka yi? Makin da ya fita a wannan sati 2 ne, wanda ya shigo kuwa 3. Ko mugun satinta na yanzu ya fi mugun satinta na wata ɗaya da ya wuce. Wannan alama ce mai kyau, kuma ido ba ya ganin ta sai da lissafi.

A ɗauka kuma akwai wani yaro a cikin ajin nan. Ga nasa makin na sati goma:

6, 8, 3, 6, 5, 8, 4, 4, 6, 8

A sati uku na ƙarshe ya samu 4, sai 6, sai 8. Duk wanda ya gani zai ce yaron nan ya kama hanya. A yi masa lissafin da aka yi wa yarinyar. Jimlolinsa su ne 23, 22, 22, 23, 21, 22 da 22. Matsakaitansa kuwa:

5,75, 5,5, 5,5, 5,75, 5,25, 5,5, 5,5

Babu hawa, babu sauka. Yana zagaye ne kusa da 5,5 kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wannan 8 na ƙarshe ba sabon abu ba ne: ya taɓa samun 8 a sati na 2 da na 6, kuma kowane lokaci ya sake faɗowa. Yaron ba ya baya, amma bai ƙaru ba tun shiga aji.

In aka tara makin sati goma duka aka raba da 10, yaron yana da 5,8, yarinyar tana da 5. Ta wannan lissafi shi ne a gaba, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai lamba ɗaya ba ta nuna inda mutum ya dosa. Ta haɗa Oktoba da Disamba cikin ƙwarya ɗaya. A sati huɗu na ƙarshe kuwa yarinyar tana da 5,75, shi yana da 5,5. Ta riga ta cim masa.

Me ya sa aka ɗauki sati huɗu, ba biyu ba, ba takwas ba? In aka ɗauki biyu biyu, matsakaitan yarinyar za su fara da 4,5, su sauka 4, su sauka 3,5, su hau har 5,5, su sake sauka 4,5. Tsallen yana nan, an rage shi kaɗan kawai. In kuma aka ɗauki takwas takwas, sai an jira wata biyu kafin a samu lamba ta farko, kuma cikin sati goma uku kawai za a samu. Ga gwajin sati, uku ko huɗu ko biyar sun isa. Abin da ba shi da kyau shi ne canza yawan a tsakiyar hanya don lissafin ya yi wa mutum daɗi.

Wannan lissafi yana da wuraren da yake ruɗar mutum. Ya kamata a san su.

Babban cikinsu shi ne ranar da yaro bai zo ba. A farkon shekarar lakwal, lokacin girbin hatsi, wasu yaran ƙauye suna gona, wasu kuma zazzaɓi ya kwantar da su. A ce yarinyar ba ta zo ba a sati na 6, aka rubuta mata 0 a wurin 7. Jimlar za ta zama 2 + 5 + 4 + 0, wato 11, matsakaici 2,75. Kuma sifirin nan ba zai fita ba sai ya yi sati huɗu a cikin lissafi. Duk tsawon wata za a ga kamar ta lalace, alhali kwana ɗaya ta yi a kwance. Rashin zuwa ba rashin sani ba ne. Ga wannan lissafi, sai a tsallake satin, a ɗauki gwaji huɗu na ƙarshe da ta yi da hannunta.

Na biyu, gwaji ba ya zama daidai kullum. Satin da aka yi tarawa ya fi sauƙi bisa satin da aka fara rabawa mai waƙafi. In makin yaro ya sauka, a tambaya: na sauran aji fa? Mushe yana iya neman matsakaicin aji duka na kowane sati. In yaro ya hau da maki ɗaya, aji duka ma ya hau da maki ɗaya, to, mai yiwuwa tambayoyin ne suka yi sauƙi. Haka kuma ba a haɗa makin lissafi da na karatun Hausa ko na Faransanci a layi ɗaya. Kowane darasi da nasa layi.

Sannan matsakaici mai tafiya yana zuwa a makare. In yaro ya gane darasi yau, ya tashi daga 4 zuwa 8, matsakaicinsa ba zai kai 8 ba sai bayan sati huɗu, domin tsoffin makin suna riƙe da shi. Zai bi ta 5, da 6, da 7 tukuna. Mai haƙuri ne kawai yake amfana da wannan lissafi.

Akwai abu na ƙarshe, shi ne ya fi wuyar ganewa. Matsakaita biyu da ke maƙwabtaka suna da maki uku iri ɗaya a cikinsu. Saboda haka in ɗaya ya fi ɗaya da 0,25, maki ɗaya tak ne ya kawo bambancin, kuma wannan bai isa shaida ba. Don a tabbata, sai a gwada biyu waɗanda ba su haɗa ko sati ɗaya ba. Na yarinyar, sati na 1 zuwa na 4 ya ba da 4, sati na 5 zuwa na 8 ya ba da 5. Maki ɗaya cur ya ƙaru, kuma abin da ya biyo baya ya ci gaba da hawa. Na yaron, 5,75 ne da 5,25, daga baya ya koma 5,5.

Ba a lakwal kaɗai ake wannan lissafi ba. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, ƙasashe da yawa sun riƙa ba da matsakaicin kwana bakwai na waɗanda suka kamu, domin lambar kowace rana tana tsalle da yawa. Mai sayen hatsi ma yana iya yin sa da kuɗin tiya na kowace ranar kasuwa.

Aiki

Kowa ya buɗe kayensa, ya rubuta makinsa na gwajin lissafi a layi ɗaya, sati bayan sati. A ƙarƙashin na huɗu ya rubuta matsakaicin huɗun farko, ya ci gaba har na ƙarshe. Sannan ya ja layi biyu, ɗaya a kwance na sati, ɗaya a tsaye daga 0 zuwa 10. Ya sa ɗigon maki da fensir, ɗigon matsakaici da jan biro, ya haɗa jajayen da layi. Layin ya hau ne, ya sauka, ko yana kwance?