Gudun dutse a daidai sakan na biyu

A saki dutse daga saman wani dogon bene, ba jifa ba, saki kawai. Da wane irin gudu yake tafiya a daidai lokacin da ya cika sakan 2 yana faɗowa? Tambayar kamar mai sauƙi ce, amma akwai ƙulli a cikinta. Yadda muka saba, gudu shi ne nisan da abu ya ci a raba da lokacin da ya ɗauka. To a daidai sakan na biyu, ba kafinsa ba, ba bayansa ba, dutsen bai ci nisan komai ba, lokaci ma bai wuce ba. Sifili a raba da sifili kuwa ba ya ba da amsa.

Galileo, masanin nan na Italiya, ya bayyana a littafinsa na 1638 cewa nisan da abu mai faɗowa yake ci yana tafiya ne da lokaci sau kansa. A ma'aunin yau, nisan a mita shi ne 4.9 sau sakan sau sakan. Don sauƙin lissafi mu ɗauke shi 5, wato d = 5t². A sakan 1 dutsen ya sauko mita 5, a sakan 2 mita 20, a sakan 3 mita 45.

Nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa. Sai su ce mita 20 a raba da sakan 2, amsa mita 10 a sakan. Wannan matsakaicin gudu ne na tafiyar gaba ɗaya, har da farkonta lokacin da dutsen yake tafiyar hawainiya. Direban da ya raba nisan tafiyarsa da awoyin da ya yi bai gaya maka abin da allurar motarsa ta nuna a kan wata gada ba.

Dabarar ita ce a riƙa matse tazarar lokacin. Daga sakan 2 zuwa 3 dutsen ya ci mita 25, matsakaicin gudunsa mita 25 a sakan ke nan. Daga 2 zuwa 2.5 ya ci mita 11.25 cikin rabin sakan, wato 22.5. A ƙara matsewa: daga 2 zuwa 2.1, nisansa ya tashi daga 20 zuwa 22.05, ƙarin mita 2.05 a raba da 0.1 ya ba da 20.5. Daga 2 zuwa 2.01 kuma amsar 20.05 ce.

Mai shakka zai iya zagayowa ta baya. Daga 1.9 zuwa 2 ana samun 19.5, daga 1.99 zuwa 2 ana samun 19.95. Ta gaba lambobin suna saukowa, ta baya suna hawa, duka sun nufi 20. Wannan lambar da suke kusanta ita ake kira iyaka, kuma ita ce gudun dutsen a daidai sakan na biyu: mita 20 a sakan, daidai da kilomita 72 a awa.

Ba dace aka yi ba. Idan aka kira tazarar h, aka warware lissafin, matsakaicin gudu daga 2 zuwa 2 + h yana fitowa 20 + 5h. Duk yadda kake son amsar ta kusanci 20, akwai h ƙarami da zai kai ka can. Abin lura shi ne ba a taɓa mai da h sifili ba, domin da shi aka yi rabawar. Newton da Leibniz sun gina ilmin kalkulus a ƙarni na 17 kan irin wannan tunani, amma bayaninsu a wannan gaɓar bai fita fes ba. A 1734 Bishop George Berkeley ya caccake su: ta yaya abu zai zama ba sifili ba lokacin rabawa, sannan a watsar da shi kamar sifili? A ganina yana da gaskiya. Sai a ƙarni na 19 Cauchy da Weierstrass suka daidaita ma'anar iyaka ta yadda sukar ta faɗi.

Wanda zai gwada da agogon hannu ya sani cewa matsewar tana da haddi. Yatsa kan makara da kusan 0.2 na sakan, don haka auna tazarar 0.1 da shi ɓata lokaci ne. Kuskuren ya fi abin da ake aunawa. Bidiyon waya mai ɗaukar hoto 30 a sakan ya fi dacewa. Sannan lissafin bai sa iska a ciki ba. Ga dutse mai nauyi a sakan biyu na farko, bambancin kaɗan ne. Ga takarda ko gashin kaza kuwa, iska tana tsayar da ƙaruwar gudun nan da nan, kuma d = 5t² ba ya aiki a kansu.